Ɗanka ya gama karatun likita a ƙasar waje? Ga abin da ya rage kafin ya fara duba marasa lafiya



A makon jiya wani bawan Allah ɗan kasuwa daga Agege a Legas ya aiko mini da tambaya. Ya ce 'yarsa za ta kammala karatun likita a ƙasar Masar a watan Yuli, kuma har ya yi magana da wani mai asibitin kuɗi a unguwarsu don ta fara aiki da zarar ta huta gajiyar tafiya. Amma sai yarinyar ta ce masa akwai wata jarrabawa da za ta rubuta tukuna. Shi ne yake tambaya: wace irin jarrabawa ce kuma bayan shekara shida ana karatu, kuma wata nawa za ta ɗauka?

Alhaji, 'yarka ta faɗa maka gaskiya. Da yake iyaye da yawa suna da irin wannan tambayar, na ga ya dace a amsa ta a fili kowa ya amfana. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, yawancin jinkirin da yaranmu ke samu yana faruwa ne tun kafin su shiga ɗakin jarrabawa, a wajen haɗa takardu. Kuma mafi yawan takardun nan sun fi sauƙin samu tun yaro bai baro ƙasar da ya yi karatu ba.

Wa ke ba da izinin aikin likita?

Takardar digirin da jami'a ta ba 'yarka shaida ce cewa ta yi karatu. Izinin taɓa mara lafiya a Najeriya kuwa yana hannun hukuma ɗaya, wato Hukumar Kula da Aikin Likitoci da Likitocin Haƙori ta Ƙasa, wadda aka fi sani da MDCN, mai hedikwata a Abuja. Wanda ya yi karatu a jami'ar gida da hukumar ta amince da ita, da ya ci jarrabawar ƙarshe sai a rantsar da shi, domin hukumar ta riga ta san makarantar, tana zuwa duba ta, ita ce ma ke ƙayyade yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Jami'ar da ke Alƙahira ko Khartum ko Indiya ko Cana kuwa ba ta ƙarƙashin idonta. Shi ya sa take gwada wanda ya fito daga can da kanta.

Matakan a taƙaice guda biyar ne: tantance takardu, rubuta jarrabawa, rantsuwa da rajistar wucin gadi, horon sanin makamar aiki na shekara ɗaya a asibiti, sannan cikakkiyar rajista. Bayan su ne hidimar ƙasa take zuwa. Ba a tsallake ko ɗaya, kuma kowane mataki yana jiran na gabansa.

Takardun da za a haɗa

Na farko ita ce takardar digiri ta asali. A kula, takardar wucin gadi da wasu jami'o'i ke bayarwa cewa ɗalibi ya gama daban take da ainihin digirin, kuma sau da yawa digirin ba ya fitowa sai bayan wata biyu ko uku da kammalawa. Tare da shi akwai takardar sakamakon darussa tun daga aji ɗaya zuwa na ƙarshe, wadda ɗalibai ke kira tiranskirif. Idan an rubuta su da Larabci ko Rashanci ko wani harshe, sai an yi musu fassara ta hukuma zuwa Ingilishi. Ka ce wa 'yarka kafin ta taho ta kai su inda ake buga musu hatimi a can, wato ma'aikatar harkokin waje ta ƙasar da kuma ofishin jakadancin Najeriya. Hatimin da za ta samu cikin 'yan kwanaki tana can, idan ta dawo gida yana iya cin watanni, ana bin wani da roƙo ya je mata.

Na biyu, sakamakon jarrabawar gama sakandare. Ana neman kiredit a darussa biyar: Ingilishi, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Wannan shi ne tarkon da ya fi ba ni tausayi. Wasu jami'o'in waje suna ɗaukar yaro ko da ba shi da kiredit a Fiziks ko Kemistiri, muddin an biya kuɗi. Sai ya shekara shida yana karatu, ya dawo gida a ce masa tushen ginin nasa bai cika ba. Duk uban da yake shirin tura ɗansa waje, ya fara duba wannan takardar kafin ya sayi tikitin jirgi.

Na uku, fasfo. Kada a yar da tsohon fasfo don ya ƙare aiki. Bizar karatu da hatiman shiga da fita da ke cikinsa su ne shaidar cewa ɗalibi ya zauna a ƙasar da gaske, ba daga ɗakinsa a Najeriya ya yi karatun ba. Hukumar hidimar ƙasa ma tana neman ganin waɗannan shafukan idan lokacinta ya zo. Wanda nasa ya ɓata, ya nemi rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu tun da wuri.

Na huɗu, wasiƙar tantance digiri daga Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da ke Abuja, wadda ke nuna matsayin jami'ar da darajar takardar a ma'aunin Najeriya. Sai kuma takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da hotunan fasfo.

Na biyar, kuma wanda ya fi cin lokaci, shi ne tabbatar da digirin daga tushe. MDCN ba ta wadatuwa da ganin takarda a hannun mai ita. Tana so jami'ar da ta bayar ta tabbatar da bakinta cewa ita ta bayar. Wannan aikin ana yin sa ne ta wani tsari da ake kira EPIC, na hukumar ECFMG da ke Amurka. Ɗalibi zai buɗe asusu a intanet, ya tabbatar da ko shi wane ne, ya ɗora hoton digirinsa, ya biya kuɗi da dala. Su kuma sai su tura wa jami'arsa tambaya. Idan jami'ar ta amsa, sai a aika rahoto zuwa MDCN. Inda gizo ke saƙar shi ne, babu mai iya tilasta wa jami'a ta amsa da wuri. Wata takan amsa cikin makonni, wata kuwa sai saƙon ya kwana watanni a teburin wani ma'aikaci. Ɗalibin da ke can zai iya taka ƙafa har ofishin ya tsaya a kansa. Wanda ya riga ya dawo sai dai ya yi ta buga waya. Saboda haka kafin 'yarka ta baro Masar, ta san ofishin da ke amsa wannan tambayar a makarantarsu, ta karɓi lambar wayar wanda ke zaune a wurin.

Harafi ɗaya yana iya cin wata shida

Alhaji, yau da daddare ka sa a ɗauko takardun yarinyar nan duka a jera su a kan tabarma, a karanta sunanta a kowace ɗaya harafi bayan harafi. Mu Hausawa muna da wannan matsalar fiye da kowa. A sakamakon sakandare an rubuta Mohammed, a fasfo Muhammad, jami'ar Masar kuma ta juyo shi daga Larabci ta rubuta Mohamed. A wata takardar an sa sunan kaka, a wata an sa sunan gari. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, amma a wurin mai tantancewa mutum uku ne. Haka ma ranar haihuwa, musamman idan an taɓa rage shekaru a wani wuri.

Gyaran ya fi sauƙi kafin a buga digiri. Ta je ofishin rajista na jami'ar da fasfonta, ta tabbatar sunan da za su buga ya yi daidai da na fasfo. Inda kuwa bambancin ya riga ya shiga, sai a yi takardar rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida, a haɗa da sauran takardu tun farko. Ga mace akwai ƙarin shawara: idan aure ya zo a tsakiyar wannan hidimar, ta bar sunanta yadda yake a takardu har ta gama rajista.

Yadda jarrabawar take

Hukumar ta saba shirya jarrabawar sau biyu a shekara, ɗaya wajen tsakiyar shekara, ɗaya kuma wajen ƙarshenta. Takan fitar da sanarwa mai ɗauke da ranar rufe rajista, kuɗin da za a biya da wurin da za a yi. Wurin yana sauyawa tsakanin manyan asibitocin koyarwa. An yi a Ilori, an yi a Ibadan, an yi a Kano. Kuɗin hukuma ta tsarin Remita ake biyansa. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusunsa zai sama wa 'yarka gurbi ko maki, ɓarawo ne.

Jarrabawar kashi uku ce. Akwai tambayoyin zaɓi da ake amsawa a kwamfuta, waɗanda suka haɗa tun daga darussan farko na sanin sassan jiki da aikinsu har zuwa na asibiti. Akwai gwajin hotuna, inda za a nuna hoton ƙirji, ko wani ƙurji a fata, ko wani kayan aiki, a ce ka faɗi mene ne da abin da za ka yi. Sai na uku da ake kira OSCE, inda ake jera tashoshi, kowace da aikinta da 'yan mintocinta. A wannan tasha ka ɗauki tarihin ciwo, a ta gaba ka duba ciki, a ta gaba ka yi wa uwa bayanin ciwon ɗanta. Da an buga ƙararrawa sai ka matsa, ko ka gama ko ba ka gama ba.

Kada a raina ta. A zaman watan Nuwamban 2023 da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, mutum 836 suka rubuta, 403 suka ci, 433 suka faɗi. Wato fiye da rabi sun koma gida jiran zama na gaba.

Me ke kayar da su? Yawancinsu ba daƙiƙai ba ne. Abu biyu ne suka fi yi musu illa. Na farko, cututtukan da aka fi tambaya su ne waɗanda ke cika asibitocinmu: zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a jikin yaro, rikicin ciwon sikila, jijjigar masu ciki, zubar jini bayan haihuwa, tamowa, tarin fuka, ƙyanda, sanƙarau, zazzaɓin Lassa, da jadawalin rigakafin yara na ƙasa. Wanda ya yi karatu a Gabashin Turai yana iya gamawa bai taɓa ganin mai sikila ko ɗaya ba, ya dai karanta shafi biyu a littafi. Na biyu, hannu. A wasu ƙasashen ɗalibin waje ba ya samun taɓa mara lafiya sosai, ko don bambancin harshe ko don yawan ɗalibai. Ya san abin a ka, amma idan aka ce ya duba cikin mai juna biyu cikin minti biyar gaban mai ba da maki, sai hannu ya ɗauki rawa.

Maganin duka biyun ɗaya ne: zama a asibitin koyarwa na gida kafin jarrabawa, ana bin manyan likitoci zagayen ɗakuna, ana ɗaukar tarihin ciwo, ana gabatarwa, ana shan gyara. Akwai lokacin da hukumar ta wajabta irin wannan zaman na wata shida, har aka yi ta ƙorafi a kan kuɗinsa, kuma ƙa'idar takan sauya, don haka a karanta sanarwar shekarar da kyau. Amma ko an wajabta ko ba a wajabta ba, shawarata ita ce a yi shi. Ga yadda 'yarka za ta gane ko ta shirya: idan za ta iya karɓar mara lafiyar da ba ta taɓa gani ba, ta yi masa tambayoyi, ta duba shi, ta gabatar wa babban likita da Ingilishi cikin tsari ba tare da leƙa littafi ba, to ta kusa. Idan ba za ta iya ba, haddar tsofaffin tambayoyi kaɗai ba za ta fitar da ita ba.

Waɗanda yaƙi ko annoba ta katse wa karatu suna da nasu hukuncin. A shekarar 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, hukumar ta fito fili ta ce ba ta yarda da karatun likita da aka yi ta intanet ba. Duk wanda aka ce masa ya dawo gida ya ƙarasa ajin asibiti ta waya, ya tuntuɓi MDCN a rubuce kafin ya ci gaba da biyan kuɗin makaranta.

Bayan an ci

Wanda ya ci, hukumar za ta kira shi bikin rantsuwa, ta ba shi rajistar wucin gadi. Wannan rajistar tana da iyaka biyu. Ba ta ba shi damar yin aiki shi kaɗai, sai ƙarƙashin kulawar manya a asibitin da hukumar ta amince da shi. Kuma wa'adinta shekara biyu ne, a cikinsu ake so ya gama horon sanin makamar aiki, wanda likitoci ke kira hausjob. Horon wata 12 ne, ana zagaya sassa huɗu: cututtukan manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa, kowane kimanin wata uku. Wanda ya katse wani sashe a tsakiya, sai ya sake shi daga farko. Wanda kuma ya bar shekara biyun ta wuce bai gama ba, yana iya samun kansa a ɗakin jarrabawa karo na biyu.

Gurbin horo a asibitocin tarayya ta shafin hukumar ake nemansa, kuma na Legas da Abuja da Ibadan sukan cika nan da nan. A nan iyaye ke jawo wa 'ya'yansu asara. Sai uba ya ce shi 'yarsa ba za ta je wata jiha ba, a jira gurbi ya buɗe kusa da gida, alhali wa'adi yana tafiya. Idan an samu a wani gari mai aminci, a karɓa. Shekara kwana ce.

Da an gama, shugabannin sassan huɗu za su sa hannu, asibiti ya ba da takardar kammalawa, sannan a nemi cikakkiyar rajista da lasisin aiki, wanda ake sabuntawa kowace shekara. Daga nan sai hidimar ƙasa ga wanda bai haura shekara 30 ba lokacin da ya kammala digiri.

Mu lissafa wa 'yar Alhaji

Mu ɗauka ta gama a watan Yulin bana, digiri ya fito a Satumba, ta buga hatimai, ta ɗora shi a EPIC nan take. Idan jami'ar ta amsa da wuri, kuma wasiƙar Ma'aikatar Ilimi ta fito kafin a rufe rajista, za ta iya samun zaman ƙarshen shekara. Sai dai za ta shiga ne da ƙarancin shiri, domin ba ta samu zama a asibiti ba. Abin da ya fi yiwuwa, kuma ya fi mata alheri, shi ne ta nufi zaman tsakiyar baɗi, ta yi amfani da watannin da ke tsakani a asibitin koyarwa. Idan ta ci, rantsuwa da neman gurbi za su ci wasu 'yan watanni, ta fara horo wajen ƙarshen baɗi, ta gama bayan wata 12. Ka ga daga ranar da ta sauka filin jirgi zuwa ranar da za ta riƙe cikakken lasisi, an tasar wa shekara biyu da rabi, ban da shekarar hidimar ƙasa. Faɗuwa sau ɗaya, ko harafi ɗaya da ya saɓa a suna, yana ƙara kimanin wata shida a kan wannan lissafin.

Wannan yana nufin aljihunka bai huta ba tukuna. Har zuwa lokacin da za ta fara horo, inda ake biyan albashi, kai ne za ka ɗauki kuɗin tantancewa da na jarrabawa da na zama a asibiti da masauki da mota. Gara ka san da haka tun yanzu ka yi tanadi.

Maganar mai asibitin unguwa kuwa, ka ba shi haƙuri. Duba marasa lafiya ba tare da rajista ba laifi ne a dokar ƙasa, kuma idan wani abu ya faru da mara lafiya, sunan 'yarka ne zai ɓaci tun kafin ya shiga littafin hukuma. Haka ma a gida. Na san da ta dawo 'yan uwa da maƙwabta za su fara sallama da katin asibiti da ledar magani, ana cewa likita ta dawo. Ku taimake ta ku kare ta daga wannan. Ta iya ba da shawarar a je asibiti, ta raka mutum ma idan ta kama, amma rubuta magani da yin allura su jira lasisi.

Idan kuma Allah Ya ƙaddara ba ta ci a karon farko ba, kada a bi ta da gori ko a fara lissafa mata kuɗin da aka kashe. Ta zauna ta gano ɓangaren da ya kayar da ita, na kwamfuta ne ko na tashoshi, ta koma asibiti ta gyara shi, ta sake shiga zama na gaba.

Ga iyayen da 'ya'yansu ba su tafi ba tukuna, ku duba abu uku kafin ku biya ko sisi: kiredit biyar ɗin nan sun cika, sunan jami'ar yana cikin kundin makarantun likita na duniya kuma Ma'aikatar Ilimi ta san da ita, sannan ku nemi wanda ya gama a can ya dawo ya ci jarrabawar MDCN, ku tambaye shi ko ɗalibai suna taɓa marasa lafiya da hannunsu.

Alhaji, Allah Ya dawo da ita lafiya, Ya sa a gama a sa'a. Masu tambaya su ci gaba da aikowa. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.